Me ake nufi da sake tsara rahoton gwaji?

Ɗaliban kimiyya a Sakkwato, na sakandare ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sun saba jin malami ya mayar da rahoton firaktikal yana cewa a sake tsara shi. Ba sabon gwaji yake nema ba. Yana nufin kowace jimla ta koma gurbinta cikin sassa biyar da ke bin juna: manufa, matakan aiki, sakamakon awo, nazari, sai kammalawa.

A ɗauki gwajin lilon zare, wanda ake rataya ƙaramin ƙarfe a zare don gano ƙimar g, wato hanzarin da abu ke samu idan ƙasa na jan sa. Manufa layi ɗaya ce: gano ƙimar g ta amfani da lilo. Matakan aiki kuwa su faɗi abin da aka yi bi da bi, yadda wani zai iya maimaitawa: an auna tsawon daga wurin rataya zuwa tsakiyar ƙarfen, an ja shi gefe ƙasa da digiri 10, an ɗauki lokacin kai da komo 20. Kada sakamako ko ɗaya ya shigo nan.

Inda aka fi cakuɗa abubuwa shi ne tsakanin awo da nazari. Abin da rula da agogo suka nuna kai tsaye shi ne awo, kuma a jadawali yake zama tare da ma'auninsa: tsawo mita 1.00, lokaci daƙiƙa 40.2. Raba 40.2 gida 20 don samun 2.01, lokacin kai da komo ɗaya, wasu malamai na yarda ya zauna a jadawalin. Amma da zarar ka saka shi cikin g = 4π²L/T², inda L ke nufin tsawo, T kuma lokacin kai da komo ɗaya, ka shiga nazari. Nan T² ya zama 4.04, g kuma ya fito kusan 9.77 m/s². Zanen giraf ma nan yake zama, haka bayanin kurakurai, kamar fankar silin da ke kaɗa zaren a zafin watan Afrilu, ko jinkirin yatsa wajen danna agogo. Ni dai ban ga amfanin rubuta "kuskuren ɗan Adam" kawai ba, a faɗi wane kuskure ne.

Kammalawa amsar manufa ce. Tunda g aka nema, sai a ce an samu 9.77 m/s², wanda ya yi kusa da 9.78 da ake tsammani a yankinmu, saboda g na ɗan raguwa kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu. Idan ka ga lissafi ko wata lamba da ba ta fito a nazari ba ta ɓullo a kammalawa, ɗauke ta ka mayar da ita sama kafin ka miƙa wa malam.