Batutuwan hira a haɗuwar farko tsakanin masu neman juna

Batutuwan hira a farkon nema su ne abubuwan da namiji da mace ke tattaunawa a haɗuwarsu ta farko zuwa ta uku ko ta huɗu, lokacin da kowannensu ke son ya san ɗan'uwansa amma amana ba ta riga ta ƙullu ba. Mutane sukan raba su gida biyu, wato waɗanda ake maraba da su da waɗanda ake kauce musu. Masu nazarin halayyar ɗan'adam kuwa sun fi duba zurfin maganar da lokacin da aka yi ta, domin batu ɗaya yakan zama mai daɗi a haɗuwa ta biyar alhali da an ɗauko shi a ta farko da ya tsinke hirar.

Faɗi da zurfi

A shekarar 1973 Irwin Altman da Dalmas Taylor suka bayyana yadda kusanci ke ginuwa tsakanin mutum biyu ta hanyar bayyana kai sannu a hankali. Sun ce hira tana da faɗi, wato yawan fannonin da aka taɓa, kuma tana da zurfi, wato yadda maganar ta kusanci sirrin zuciya. Ana yawan kwatanta ra'ayin nasu da albasa mai ɓawo bisa ɓawo. A ɓawon waje akwai aiki da karatu da abin da mutum ke sha'awa. A tsakiya akwai ra'ayoyi da buri. Can ciki kuma akwai tsoro, da nadama, da raunin da bai warke ba. Haɗuwar farko wurin faɗi ce: a taɓa fannoni da yawa sama-sama, a bar zurfin ya zo da kansa.

Wannan ba ya nufin a tsaya kan gaisuwa da zancen zafin rana. A 1994 Nancy Collins da Lynn Miller suka tattara binciken da aka yi a kan bayyana kai, suka ga abu uku: an fi son wanda ke faɗin wani abu game da kansa, mutum ya fi buɗe cikinsa ga wanda yake so, kuma wanda ka buɗe wa ciki yakan ƙara shiga ranka. Mai rufe baki gaba ɗaya saboda tsoron kuskure yana asarar duka ukun.

Gwajin da aka fi ambata a nan shi ne na Arthur Aron da abokan aikinsa a 1997. Sun zaunar da mutanen da ba su san juna sosai ba bibbiyu, na tsawon minti 45, suka ba su tambayoyi 36 da aka kasa kashi uku, kowane kashi ya fi na baya zurfi. Tambayar farko ita ce wa mutum zai so ya gayyata cin abinci da a ce zai iya zaɓar kowa a duniya. Can wajen ƙarshe ne ake tambayar yaushe rabon mutum da yin kuka a gaban wani. Waɗanda suka bi wannan tsari sun ji sun fi kusantar juna a kan waɗanda aka ba su hirar yau da kullum. Abin lura shi ne tambayoyin hawa-hawa suke, kuma kowa yana amsa tambayar da ɗan'uwansa ya amsa. Gwajin ya auna kusanci ne na wannan zama kawai, bai nuna cewa tambayoyin suna haifar da soyayya mai ɗorewa ba.

Abin da ke buɗe hira

Batutuwan da suka dace da farko su ne waɗanda mutum zai iya amsawa a taƙaice ko ya faɗaɗa, gwargwadon yadda ya ga dama, ba tare da ya ji an titsiye shi ba. Yadda yake tafiyar da ranar hutunsa, abin da ya ja shi ga sana'arsa, abin da yake koya a yanzu, wurin da ya taɓa zuwa ya burge shi, wasan da ya fi so yana yaro, duk suna cikin wannan sahu. Zancen iyali ma yana shiga matuƙar an tsaya a bakin ƙofa, kamar a tambayi wanda ya fi shaƙuwa da shi a cikin 'yan'uwansa.

Yadda aka yi tambaya ya fi batun kansa tasiri. "Aikin me kike yi?" tana ƙarewa da kalma biyu. "Me ya fi ba ki daɗi a aikin?" tana ba ta damar ta zaɓi abin da za ta faɗa. Wani bincike da Karen Huang da abokan aikinta suka wallafa a 2017 ya nuna cewa an fi jin daɗin masu yawan tambaya a hira, musamman tambayar da ta fito daga amsar da aka ba su yanzun nan. Dalilin a fili yake, irin wannan tambaya ita ce shaidar cewa an saurara. Idan ta ce ta bar koyarwa ta koma ɗinki, wanda ya tambayi abin da ya sa ta canza ya ji ta. Wanda ya tsallake zuwa tambayar shekarunta kuwa jerin da ya taho da shi daga gida yake bi, kuma za ta gane.

Sai dai tambaya ita kaɗai takan koma tuhuma. Mai tambaya sau biyar a jere ba tare da ya faɗi komai game da kansa ba ya mayar da zaman kamar ganawar neman aiki.

Abin da ake jinkirtawa

Hira takan lalace a kan zancen tsohuwar soyayya. Illar ta fi tsanani idan maganar ta zama kushe. John Skowronski da abokan aikinsa sun nuna a 1998 cewa mai sauraro yakan jingina wa mai magana halin da yake siffanta wani da shi, ba tare da ya yi niyya ba. Wanda ya share rabin sa'a yana bayyana tsohuwar budurwarsa a matsayin mayaudariya yana shafa wa kansa kalmar yaudara a zuciyar wadda ke gabansa. Ban da haka, ita ma tana lissafin cewa wata rana haka zai zauna ya ba da labarinta. Yabon tsohon masoyi ma bai fi ba, domin yana nuna har yanzu zuciya tana can.

Ga yadda abin ke kasancewa. A haɗuwa ta biyu, mace ta tambayi namiji, "Ka taɓa neman wata da maganar ta yi nisa?" Tambaya ce da take da haƙƙin yi. Amsar da ta dace gajeriya ce kuma gaskiya: "Na taɓa, mun yi kusan shekara biyu, muka rabu bara saboda ba mu daidaita kan inda za mu zauna ba. Ke fa?" A cikin wannan ya faɗi tsawon lokaci, da lokacin rabuwa, da dalili guda, bai ambaci suna ba, bai ɗora laifi ba, sannan ya mayar mata da dama. Da a ce ya fara da "Ai ba za ki gane irin cutar da aka yi mini ba," ya zaro waya yana nuna mata tsofaffin saƙonni, da ya tsallaka daga ɓawon waje zuwa tsakiyar albasa a numfashi ɗaya. Ita kuma ya bar ta da zaɓi biyu marasa daɗi: ko ta zama mai rarrashin mutumin da ba ta sani ba, ko ta tono nata ciwon don ta biya bashin sirrin da ba ta nema ba.

Wannan bashin shi ne dalilin da ya sa ake jinkirta labarin rigimar cikin gida, da rashin lafiyar da ba ta shafi ɗayan ba tukuna, da bala'in da ya taɓa samun mutum. Babu abin kunya a cikinsu. Nauyi ne da su, kuma sirri yana neman a mayar da kwatankwacinsa.

Kuɗi kuma matsalarsu daban. Tambayar nawa mutum ke samu tana sa ya ji ana kimanta shi kamar haja, faɗin abin da aka mallaka kuma yana kama da talla. Neman rance ko taimakon gaggawa daga wanda aka sani kwana kaɗan, musamman idan ta intanet aka haɗu, sananniyar hanya ce ta 'yan damfara, kuma ya isa dalilin ja da baya. Bayanan asusun banki da lambobin sirri ba su da gurbi a wannan mataki ko kaɗan. Maganar surar jiki da ta kwanciya ma haka, takan sa mutum ya takura ko da bai nuna ba.

Siyasa da aƙida ba a hana su gaba ɗaya. Faɗin abin da mutum ya yi imani da shi daban, jan muhawara don a kayar da ɗayan daban.

Abin da ba a ɓoyewa

Jinkirta batu ba lasisin ɓoye gaskiya ba ne, kuma a nan ne shawarar "kada ka yi zurfi" take cutarwa idan aka fahimce ta a baibai. Akwai bayanan da ɗayan yake buƙata domin ya yanke shawarar ko zai sake zuwa haɗuwa ta gaba: ko mutum yana da aure, ko ya taɓa yi, ko yana da 'ya'ya, ko akwai wani da yake tare da shi a yanzu, ko yana shirin ƙaura zuwa nesa, da kuma abin da yake nema daga wannan alaƙa. Waɗannan a faɗe su da wuri, cikin jimla ɗaya ko biyu, a bar cikakken labarin sai gaba. Matar da ta ce "Ina da ɗa ɗan shekara huɗu" a haɗuwar farko ta ba da abin da ake buƙata, ba sai ta bayyana yadda aurenta ya mutu ba. Wanda ya ji irin wannan labari bayan wata uku daga bakin wani ba zai ɗauke shi kunya ko kawaici ba, ƙarya zai ɗauke shi.

Ciwon da zai iya shafar lafiyar ɗayan ko ta 'ya'yan da za a haifa, kamar ƙwayar halittar sikila, ba dole ne ya fito a zaman farko ba, amma dole ya fito kafin a yi alkawari.

Yadda ake gane an wuce gona da iri

Babu jerin da zai dace da kowa, saboda haka fuskar wanda ake hira da shi ita ce ma'auni. Idan amsoshinsa suka fara gajarta, ya daina mayar da tambaya, ya kawar da ido ko ya yi dariyar da ba ta kai zuci ba ya canza magana, to an taɓa wurin da bai shirya ba. Gyaran ba shi da wuya: a ce "Mu bar wannan sai wani lokaci," a koma kan abin da ya ɗauko da kansa a baya. Dagewa da "Faɗa mini mana, ai ba komai" ita ke mayar da ƙaramin tuntuɓe ya zama dalilin ƙin amsa waya. Idan kuwa shi ne ya ƙara bayani ba tare da an nema ba, ko ya dawo da wani abu da aka faɗa a haɗuwar da ta wuce ya tambayi yadda ya ƙare, ana iya matsawa taki ɗaya ciki, a faɗi wani abu mai kwatankwacin nauyin nasa.