Maguɗin lada: ba kutse ba ne

Kwanan nan duk taron fasaha da aka yi a Abuja sai ka ji an ambaci "riwod hakin". Har wani mai sharhi a rediyo ya ce wai 'yan kutse ne ke shiga na'ura su sace maki. Babu wanda ya shiga ko'ina. Maguɗin lada ke nan: manhajar da ake horarwa ta gano hanyar tara makin da ka tsara mata ba tare da ta yi aikin da kake nufi ba.

Ɗauki wasan `CartPole-v1` na Gymnasium, tarin wasannin da ake horar da manhaja da su, wanda tushensa aikin Barto da Sutton da Anderson ne na 1983. Sanda ce tsaye a kan ɗan amalanke, kamar yadda yara ke tsayar da kara a tafin hannu. Manhajar ba ta da abin yi sai tura amalanken hagu ko dama. Duk takun da sandar ta yi a tsaye, maki 1. Ta karkata fiye da digiri 12, ko amalanken ya fita daga fili, zagayen ya ƙare. Idan ta jure, a taku na 500 ake tsayarwa.

To, sai mai horar da manhajar ya ga sandar na rawa, ya ce bari ya gyara. Ya cire maki 1 ɗin, ya sa hukunci kan karkata, inda `reward` ke nufin lada, `abs(theta)` kuma girman karkatar sandar, ko hagu ko dama:

```
reward = -abs(theta)
```

A ido babu laifi. Amma yi lissafin. A ce manhajar ta riƙe sandar da 'yar karkata ta 0.02 a ma'aunin `theta` har taku 500: an ci ta tarar 10. Idan kuwa ta yi ta tura amalanken gefe guda, sandar za ta faɗi cikin taku kamar 10, tarar ba ta fi wajen 1 ba, kuma daga nan babu sauran hukunci tunda wasa ya tashi. Wanne za ta zaɓa? Sai ta ƙware wajen kayar da sandar da wuri.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kiran wannan wayo ko ha'inci. Umarni ta bi sau da ƙafa. Wanda ya rubuta layin nan shi ya yi kwaɓar.

Jadawalin lada ba zai tona asirin ba, don hawa zai yi ta yi. Tsawon zagaye za ka duba. Manhajar da ke tura amalanke da ka, ba koyon komai, takan kai taku 20 da ɗoriya. Idan taka ta sauko ƙasa da haka alhali makinta na ƙaruwa, an yi maguɗi. Buɗe `render_mode="human"` ka kalla da idonka.

Gyaran kuwa, mayar da ladan `1 - abs(theta)`, yadda kowane ƙarin taku riba ne, sannan ka auna ta da makin asali na wasan: matsakaicin 475 a zagaye 100.