Riƙo daban, tabanni daban: ina matsayin ɗan riƙo a rabon gado?

Kalmar tabanni ta shiga bakin mutane, har ta kai wasu suna amfani da ita ga duk yaron da ya tashi a gidan da ba na mahaifinsa ba. Daga nan sai mutane suka rabu biyu, kuma dukansu sun kauce. Wasu sun ji cewa Musulunci ya soke tabanni, sai suka fara kallon riƙon ɗan ƙane ko 'yar ƙanwa da shakku. Wasu kuma sun ji cewa a dokar boko yaron da kotu ta ba mutum yana cin gadonsa, sai suka ɗauka ɗan riƙo ma haka yake.

Tabanni shi ne mutum ya mayar da ɗan wani nasa a nasaba, ya ba shi sunansa, ya sa shi cikin magadansa. Wannan ne aya ta 4 da ta 5 ta Suratul Ahzab suka rushe, inda aka umurci a kira kowane yaro da sunan ubansa, shi ya sa Zaidu ɗan Harisa ya koma ana kiransa da sunan mahaifinsa bayan an daɗe ana danganta shi ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da 'yan boko ke kira adopsiyo dangin wannan ne, domin hukuncin alƙali ne ke ƙulla wata nasaba ta takarda wadda ke jawo suna da gado. Riƙo kuwa ba ya taɓa nasaba ko kaɗan. Gwaggo ta ɗauki 'yar ɗan'uwanta bayan yaye, ta ciyar da ita, ta tarbiyyantar da ita, ta yi mata kayan ɗaki ranar aure, amma kowa a unguwa ya san uban yarinyar, kuma ita ma ta san shi.

Abin da ke damuna shi ne ruɗanin nan ba ya bayyana sai ranar da aka zauna rabon gado, lokacin da mai gyara shi ya riga ya kwanta dama. A ƙaddara wani ɗan kasuwa a Tawa ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, da ƙanensa shaƙiƙi, sannan akwai ɗan wannan ƙanen da ya riƙa tun yana ƙarami, wanda shi ne ke tsaron shago shekara da shekaru. Bayan an cire kuɗin jana'iza an biya bashi, dukiya ta tsaya a sefa miliyan 24. Matar za ta ɗauki sumuni, kashi ɗaya cikin takwas, wato miliyan 3. 'Ya'yan mata biyu za su ɗauki kashi biyu cikin uku, wato miliyan 16. Saura miliyan 5, kuma na ƙanen mamacin ne a matsayinsa na asaba, wato dangi ta wajen uba da ke ɗaukar abin da ya saura bayan masu kaso yankakke. Yaron da ya tashi a gidan, wanda ya san kowane mai bashi da kowane dillali, ba shi da ko dala, kuma mahaifinsa ne da kansa ya tare shi, domin na kusa yana shamakance na nesa.

Da a ce ƙanen ya riga wansa rasuwa, kuma babu wani ɗan'uwa namiji, ko 'yar'uwa shaƙiƙiya ko ta uba ɗaya, ko uba, ko kaka namiji na wajen uba, to yaron zai shiga cikin miliyan 5 ɗin. Mutane da yawa suna ganin irin wannan sai su ce ai ɗan riƙo yana gado. Jini ne ya gadar da shi, riƙon bai ƙara masa komai ba, kuma hujjar hakan ita ce 'yan'uwansa maza da suke uba ɗaya, waɗanda ba su taɓa kwana a gidan mamacin ba, za su raba da shi daidai wa daida. Idan kuwa mamacin ya bar ɗa namiji ko da jinjiri ne, ƙane da ɗan ƙane duk sun fita. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce 'yar riƙo, domin 'yar ɗan'uwa da ɗan 'yar'uwa ba su da kaso yankakke kuma ba asaba ba ne, alhali galibi 'ya'ya mata ne suka fi ɗaukar wahalar gidan da aka riƙe su. Ko shayarwa ma ba ta canja wannan hukunci, tana haramta aure ne kawai.

Shari'a ba ta rufe ƙofa ba, mariƙa ne ke sakaci da ita. Mutum yana da ikon yin wasiyya ga wanda ba magajinsa ba har zuwa sulusin dukiyarsa, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. A misalinmu sulusi miliyan 8 ne. Da ɗan kasuwan ya yi wa yaron wasiyyar miliyan 6 a gaban shaidu, sai a fitar da ita kafin rabo, a raba miliyan 18 da ta rage, 'ya'yan mata su samu miliyan 12, matar da ƙanen su samu nasu gwargwadon haka, kuma babu magajin da ke da ikon hanawa. Sai dai akwai wani wuri mai santsi, domin ana duba matsayin yaron ne a ranar rasuwar mai wasiyya. Idan mahaifin yaron ya rasu a tsakani har yaron ya zama magaji, wasiyyar ba ta zartuwa sai da yardar sauran magada, tunda babu wasiyya ga magaji.

Hanya ta biyu ita ce kyauta tun mutum yana da rai da lafiya, kuma a nan ne aka fi yin asara. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Wanda ya ce wa ɗan riƙonsa shagon nan naka ne, amma ya ci gaba da riƙe makulli da takardun fili da ribar ciniki har mutuwa ta zo, to shagon ya koma cikin gado, ko da mutum goma sun ji maganar. Alamar kyauta ta gaskiya ita ce a ga yaron yana juya abin da kansa, takarda tana ɗauke da sunansa, shaidu kuma sun ga miƙawa.

Akwai kuma waɗanda, don ƙauna ko don sauƙin shigar da yaro lakwal, suke zuwa ma'aikatar magajin gari su rubuta sunansu a gurbin uba a takardar haihuwarsa. A ganina wannan cutarwa ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta. A Nijar kotuna suna hukunta shari'ar gado ne bisa al'adar mamacin, tare da masana al'ada da ke zama kusa da alƙali, kuma ga Bahaushe Musulmi al'adar nan tana komawa ne ga rabon Musulunci. Idan dangi suka zauna taron iyali domin tantance magada, dattawan da suka halarci sunan yaron za su faɗi gaskiya, sai takardar ta zama abin rigima. Mafi muni, ranar da mahaifinsa na jini ya rasu, yaron yana da cikakken kaso a can kamar kowane ɗa, domin riƙo bai rage masa komai ba, amma takardar da ke hannunsa tana cewa shi ɗan wani ne, sai ya koma neman shaidu da hukuncin kotu kafin a gyara sunan ya karɓi haƙƙinsa.