Baƙara 255 ko 253? Waiwaye kan ambaton nassi da sura da aya

Wanda ya rubuta "Baƙara: 255" ya nuna wa mai karatu Ayatul Kursiyyu ba tare da ya san wane Alƙur'ani ne a hannunsa ba, ƙarami ne ko babba, bugun Madina ne ko na Istanbul, a takarda yake ko a waya. Da ya rubuta "shafi na 42", da ya yi daidai a bugun Madina mai layi 15 da shafuka 604, amma a wani bugun mai layi 13 sai ya jefa mutum wani wuri dabam. Shafi na mai ɗab'i ne, yana sauyawa da girman takarda da kaurin rubutu. Aya kuwa tana cikin jikin nassin. Wannan shi ya sa masu rubutun ilimi suka daidaita a kan ambaton littattafai masu tsarki da manyan littattafan dā ta hanyar sura da aya, ko babi da sashe. Sai dai ita ma lambar ayar tana da nata tarihin, kuma wanda bai san shi ba wata rana zai buɗe wani mus'hafi ya tarar da Ayatul Kursiyyu a lamba ta 253, ya ɗauka an yi kuskuren bugu.

A zamanin da ake kwafe littafi da hannu babu ma zancen shafi, domin kowane kwafi da tsawonsa. Magabata sun riƙa kiran wuri da sunan sura da farkon lafazin ayar, ko da matsayinta a cikin surar. Hadisai sun zo da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, da ayoyi goma na farkon Kahfi. Akwai kuma maganar Ibn Abbas da Buhari ya ruwaito, inda ya ce wanda yake son sanin jahilcin Larabawa ya karanta abin da ke bayan aya ta 130 a Suratul An'am. Ke nan ƙidayar tana nan tun farko, a cikin ƙirazan mutane. A tsofaffin rubuce-rubucen Alƙur'ani ana ganin ƴan ɗige-ɗige ko gajerun layuka a ƙarshen aya, daga baya aka ƙara alama ta musamman bayan kowace aya biyar da kowace goma. Abin da babu shi ne lamba a gaban kowace aya kamar yadda muka saba gani yau.

Ƙidayar kuma ba guda ɗaya ba ce. Kowane babban birnin ilimi ya gaji tasa daga malamansa: Madina tana da biyu, ta farko da ta ƙarshe, sai ta Makka, ta Basra, ta Sham da ta Kufa. Abu Amr al-Dani, malamin Andalus da ya rasu a shekara ta 444 bayan Hijira, ya tattara su a littafinsa Al-Bayan, Imamu Shaɗibi kuma ya waƙe su a Naazimatuz Zuhr. Jimillar ayoyi a ƙidayar Kufa 6236 ce, a ƙidayar Madina ta ƙarshe kuwa 6214. Wajibi ne a fahimci cewa wannan saɓanin bai ƙara ko ya rage kalma ɗaya ba. Magana ce ta inda aya ta tsaya, wata ta fara. Malamai sun bayyana dalilin da cewa Annabi (SAW) yakan tsaya a ƙarshen aya domin a san gaɓarta, wani lokaci kuma ya sadar da karatun domin ma'ana ta cika, sai kowane mai sauraro ya riƙe abin da ya ji.

Fatiha ce ta fi nuna abin a fili. Kowa ya yarda ayoyinta bakwai ne. Mutanen Kufa da Makka sun ƙirga Bismilla a matsayin aya ta farko. Mutanen Madina da Basra da Sham ba su ƙirga ta ba, sai suka tsaya a "an'amta alaihim" suka mai da abin da ya biyo baya aya ta bakwai. Jimilla ɗaya, amma "iyyaka na'abudu" ita ce ta biyar a wajen waɗancan, ta huɗu a wajen waɗannan.

Yanzu sai mu bi Baƙara sannu a hankali, mu ga inda 255 ta koma 253. A ƙidayar Kufa, "Alif Lam Mim" aya ce mai zaman kanta. A ta Madina an haɗa ta da abin da ke binta, saboda haka tun daga layin farko Kufa ta wuce da ɗaya. Haka za a tafi har aya ta 200 ta Kufa, wadda ta ƙare da "min khalaƙ". Kufa ta tsaya a nan, ƙidayar Madina ta ƙarshe ba ta tsaya ba, tazara ta zama biyu. Da aka iso Ayatul Kursiyyu, Kufa tana kan 255, Madina tana kan 253. A nan kuma sai lamarin ya juya, domin Madina ta ƙarshe tana ƙirga "al-Hayyul Ƙayyum" a matsayin ƙarshen aya, Kufa kuwa ba ta yi. Wato abin da Kufa ta ba lamba ɗaya, Madina ta ba shi biyu, 253 da 254. Tazara ta dawo ɗaya, kuma da ita aka kai ƙarshe: Baƙara aya 286 a Kufa, 285 a Madina. A wasu surorin tazarar ta fi haka. Kahfi aya 110 ce a Kufa, 105 a Madina.

To, yaya aka yi ƙidayar Kufa ta zama ita ce kowa ke nufi idan ya rubuta lamba? Ɗab'i ne ya kawo haka, kuma ba kai tsaye ba. A 1834 wani Bajamushe, Gustav Flügel, ya buga Alƙur'ani a Leipzig da lambobin da ba su dace da ko ɗaya daga cikin ƙidayoyin da Musulmi suka gada ba. A 1842 ya fitar da fihirisar kalmomi a kan waɗannan lambobin, kuma saboda amfanin fihirisar, masanan Turai suka shafe kusan ƙarni guda suna ambaton ayoyi da su. A wajensa Ayatul Kursiyyu ita ce 256. Shi ya sa mai karanta tsofaffin littattafan Turawa yakan ga lamba biyu an raba su da karkataccen layi, ɗaya ta Flügel, ɗaya ta Masar. Ta Masar ɗin ta samo asali ne daga bugun Alƙahira na 1924, zamanin Sarki Fu'ad, wanda kwamitin malamai ya tsara a kan ruwayar Hafs daga Asim da ƙidayar Kufa. Ingancin wannan bugun ya sa aka yi ta koyi da shi. Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi ya gina fihirisarsa ta lafuzzan Alƙur'ani a kan lambobinsa, sannan maɗaba'ar Sarki Fahad da ke Madina ta yaɗa wannan tsarin ko'ina a duniya. Mus'hafan ruwayar Warsh, da aka fi sani a Arewa da Yammacin Afirka, galibinsu sun ci gaba da bin ƙidayar Madina ta ƙarshe.

Sauran al'ummu ma sun bi irin wannan hanyar. Rabon surorin Littafi Mai Tsarki na Kirista da ake amfani da shi yau ana jingina shi ga Stephen Langton, wanda ya rasu a 1228 yana babban limamin Kantabari. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551 mai ɗab'i Robert Estienne ya sa su a bugunsa na Girkanci a Geneva. Can ma akwai saɓani: Zabura ta 23 a lissafin Ibrananci ita ce ta 22 a tsofaffin fassarorin Girkanci da Latin. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne littattafan Aflaton, masanin falsafar Girka ta dā. Ɗan Robert, Henri Estienne, ya buga su a 1578, kuma lambobin shafukan wannan bugun ne suka zama adireshi na dindindin. Idan aka rubuta 514a a littafin Aflaton na Jamhuriya, ana nufin shafi na 514 na bugun 1578, kashi na farko, inda misalin kogo ya fara. Kowane sabon bugu, a kowane harshe, yana jera waɗannan lambobin a gefen shafi. Haka aka yi wa Aristotal da bugun Immanuel Bekker na 1831. A nan shafi ne da kansa ya rikiɗe ya zama sashe, saboda masana sun yarda su tsaya a kan bugu ɗaya.

A ganina inda aka fi yin sakaci yau shi ne hadisi. Buhari da Muslim sun tsara littattafansu ne bisa kitabi da babi, ba su sa lambobin da muke kawowa ba. Lambobin na masu tahƙiƙi ne na baya-bayan nan, kuma kowane da tsarinsa. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne na Abdulbaƙi, inda Buhari ya kai hadisi 7563 da maimaici, Muslim kuma 3033 ba tare da maimaici ba. A wannan tsarin hadisin "innamal a'amalu binniyyat" shi ne na 1 a Buhari, na 1907 a Muslim. Wasu bugun da wasu manhajojin suna ba kowace ruwaya ta Muslim lambarta dabam, sai lissafin ya haura dubu bakwai, 1907 ta faɗa kan wani hadisi can da ba shi ake nufi ba. Marubuci ya rubuta "Muslim: 1907" kawai, mai karatu ya duba bai gani ba, sai zargi ya shiga tsakani alhali hadisin yana nan daram. Da ya ƙara da cewa Kitabul Imara, ya faɗi cewa Umar ɗan Haɗɗabi ne ya ruwaito, ya kawo farkon lafazin, da kowane bugu ya wadatar.

Wannan ƙa'idar ita ce ta Alƙur'ani ma. A rubuta sunan sura da lambar aya, a haɗa da ƴan kalmomin farkon ayar, sannan a faɗa sau ɗaya a farkon rubutu wace ƙidaya aka bi. Idan fassara ko tafsiri aka ɗauko, maganar mai fassara ce ko mai tafsiri, don haka a ambaci sunansa da bugun da shafin, bayan an ambaci ayar. Kuma kada a ɗauka cewa ruwaya ita ce ƙidaya, domin ilimi biyu ne mabambanta, kuma ana samun bugu ko manhajar Warsh da aka ɗora wa lambobin Kufa. Hanyar ganewa ba ta da wuya. A buɗe Fatiha a duba ko Bismilla tana da lamba ta ɗaya a ƙarshenta, sannan a je ƙarshen Baƙara. Idan 286 aka gani, lissafin Kufa ne, lambobin za su yi daidai da na mafi yawan littattafai da manhajoji. Idan 285 ce, to duk lambar da aka ɗauko daga wannan mus'hafin sai an daidaita ta kafin a miƙa wa mai riƙe da bugun Hafs, ko kuma a rubuta duka biyun, a nuna wacce ce ta Madina, wacce ce ta Kufa.