Mayar da Maganar Wani Zuwa Rahoto a Turanci: Tambayoyi da Amsoshi Kan Takardar Atisaye

Malam, ina koyar da Turanci a aji uku na ƙaramar sakandare a Gombe. Ɗalibaina sun haddace ƙa'idojin mayar da maganar kai tsaye zuwa rahoto, amma da zarar na raba musu takardar atisaye sai su yi ta kuskure. Daga ina matsalar take?

Malama, galibi tushenta yana cikin harshen da yaron ya tashi da shi. A Hausa, idan Aisha ta ce “Zan je Bauchi gobe,” mai ba da labari zai ce Aisha ta ce za ta je Bauchi, ko da kuwa an yi shekara da yin maganar. Wakilin suna ya sauya, amma lokacin aikatau yana nan inda yake. Turanci kuwa yana jan lokacin aikatau baya da taki ɗaya muddin aikatau mai gabatar da maganar yana cikin shuɗaɗɗen lokaci, kuma tunda kunnen yaron bai saba da wannan ja da baya ba, ba ya jin cewa akwai abin da ya bari. Ga jimla irin wadda ake samu a takardun atisaye:

*Aisha said to Musa, “I will take my brother to Bauchi tomorrow.”*

Amsar da ake nema ita ce:

*Aisha told Musa that she would take her brother to Bauchi the next day.*

Abubuwa da dama sun motsa a nan, kuma ya kamata ɗalibi ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da farko *said to* ta koma *told*, domin an ambaci wanda aka yi wa magana, kuma *told* ba ta ɗaukar *to* a bayanta. Sai a cire waƙafi da alamomin buɗe magana da rufe ta, a sa *that* a gurbinsu. Daga nan sai a tambayi kai wa ke magana, tunda Aisha ce, *I* ta zama *she*, *my* kuma ta zama *her*. Bayan haka ne ake jan *will* zuwa *would*, a ƙarshe kuma *tomorrow* ta koma *the next day*, saboda goben Aisha ta riga ta wuce a lokacin da ake ba da labarin. A ganina, malamin da ya sa ɗalibai su ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar da za ta sauya kafin su fara rubuta amsa ya fi wanda ya ba su dogon jadawalin hadda cin riba, domin kuskuren da ya fi yawa shi ne a sauya uku a manta da biyu.

Shin ko yaushe ne ake jan lokacin baya?

A'a. Idan aikatau mai gabatarwa yana lokacin yanzu, kamar *says*, lokacin maganar ba ya motsi, haka kuma ana iya barinsa idan abin da aka faɗa gaskiya ce mai ɗorewa, kamar fitowar rana daga gabas. Kalmomi irin su *would* da *could* da *should* da *might* su ma suna zama yadda suke.

Tambaya ce ta fi ba su wahala, har masu ƙoƙarin cikinsu. Yaya zan bayyana musu ita?

Nan ne sauya jimla da gyaran alamomin rubutu suke haɗuwa, shi ya sa ya cancanci a ba shi darasi guda cur. Mu ɗauki wannan:

*The teacher asked Bala, “Where did you buy this book?”*

Abin da ɗalibai da yawa suke rubutawa shi ne *The teacher asked Bala where did he buy that book?* Sun sauya wakilin suna daidai, amma sun bar jimlar da siffar tambaya. Abin da ya kamata su gane shi ne, da zarar an mayar da tambaya rahoto, ta daina zama tambaya, ta zama labarin cewa an yi tambaya, kuma mai ba da labari ba ya jiran amsa daga kowa. Saboda haka *did* da aka kawo don gina tambaya sai ta fita, mai aikatawa ya dawo gaban aikatau kamar a kowace jimlar bayani, *did buy* da ke shuɗaɗɗen lokaci ta ƙara ja baya ta zama *had bought*, alamar tambaya kuma ta ba wa aya wuri:

*The teacher asked Bala where he had bought that book.*

A nan Hausa tana taimakawa, kuma ina ba ki shawarar ki yi amfani da ita a aji. Babu Bahaushen da zai ce “Ya tambaye shi ina ka sayi littafin nan” yana nufin rahoto, sai dai ya ce ya tambaye shi inda ya sayi littafin. Yaron ya riga ya san wannan bambanci a bakinsa, aikinki shi ne ki nuna masa cewa Turanci ma yana yin sa. Idan kuma tambayar mai neman i ko a'a ce, inda Hausa ke kawo “ko”, Turanci yana kawo *if* ko *whether*. Kada a bar su su sa *that* a gaban *where* ko *if*, kuskure ne da ke yawan fitowa a rubutun insha'i har a matakin jarrabawar WAEC da NECO.

A sashen gyaran alamomi, ana ba su jimla tsirara ba waƙafi ba aya. Ta ina za su fara?

Su fara da gano ainihin kalmomin da suka fito daga bakin mai magana, kafin su taɓa kowace alama. Dubi wannan: *the principal said musa is late*. Ana iya gyara ta ta hanya biyu:

*The principal said, “Musa is late.”*

*“The principal,” said Musa, “is late.”*

A ta farko Musa ne ya makara, a ta biyu kuwa shugaban makaranta ne, alhali ba a ƙara ko rage kalma ɗaya ba. Idan takardar atisaye ba ta ba da wani bayani da zai fifita ɗaya ba, adalci shi ne a karɓi duka biyun, ko kuma mai tsara takardar ya guji irin wannan jimla sai dai in da gangan ya kawo ta don a tattauna.

Bayan an killace maganar, sauran aikin yana bin tsari. Ana sa waƙafi bayan *said* idan ita ta gabaci maganar, kalmar farko ta cikin maganar tana farawa da babban baƙi, aya ko alamar tambaya ta maganar kuma tana shiga ciki kafin a rufe. Ki lura da jimla ta biyu da kyau, *is* ta fara da ƙaramin baƙi domin ci gaban jimlar da aka katse ce, ba sabuwa ba ce, kuma ɗalibai kan sa mata babban baƙi don kawai sun ga an sake buɗe alama. Sunaye irin su Musa da Bauchi da ranakun mako suna ɗaukar babban baƙi a duk inda suka faɗo, haka ma *I*. Game da alamar magana mai ƙwaya ɗaya ko mai biyu, littattafan Birtaniya sun fi amfani da ɗaya, na Amurka kuma biyu, kowacce ɗalibi ya ɗauka daidai ne muddin da ita ya buɗe kuma da ita ya rufe.

Yaya zan raba maki a irin wannan atisaye?

Ki ba kowane sauyi makinsa maimakon ki soke jimla gaba ɗaya saboda kuskure guda. A jimlar Aisha, misali, ki ware maki ga *told*, da cire alamomi, da wakilan suna, da lokacin aikatau, da kalmar lokaci. Idan kin gama dubawa sai ki ƙirga wane gurbi ne aka fi faɗuwa a ajin, da shi za ki buɗe darasi na gaba.