Manhajar tace masu neman aiki: yadda take kwatanta kalmomi

Manhajar tace masu neman aiki, wadda aka fi sani da ATS, rumbu ce da ma'aikatu ke tara takardun masu neman aiki a ciki, su kuma bi sawun kowane mutum daga ranar da ya aiko takarda har zuwa ɗauka ko sallama. Cikin sanannunta akwai Workday da Greenhouse da iCIMS, da kuma Taleo wadda kamfanin Oracle ya saya a 2012. Kowacce da tsarinta, amma wajen kwatanta kalmomi sun yi tarayya a matakai biyu: karanta takarda, sannan bincike.

A matakin farko manhajar tana zare rubutu zalla daga fayil ɗin tarihin aikin mutum, ta rarraba shi gida-gida: suna, muƙamai, shekarun aiki, karatu, ƙwarewa. A nan takardu masu ado kan sha kashi. Shafin da aka raba gida biyu na iya cakuɗewa, layin hagu ya haɗe da na dama. Abin da aka sa a cikin hoto, ko takardar da aka ɗauki hotonta aka mayar PDF, sau da yawa ba ya karantuwa. Gwajin mai sauƙi ne: a kwafi duk rubutun fayil ɗin a manna shi a Notepad, manhajar rubutu zalla ta Windows. Abin da ya ɓace ko ya hargitse a can, akwai yiwuwar haka zai yi a manhajar.

Mataki na biyu shi ne ya fi muhimmanci, kuma a nan aka fi yi wa manhajar gurguwar fahimta. An yi ta yaɗa cewa na'ura ce ke watsar da takarda saboda rashin wata kalma. Galibi ba haka ba ne. Abin da kan cire mutum kai tsaye shi ne amsarsa ga tambayoyin sharaɗi, kamar ko yana da izinin aiki a ƙasar ko lasisin sana'ar. Kalmomi kuwa suna aiki ne sa'ad da jami'in ɗaukar ma'aikata, wanda takardu suka yi wa yawa, ya buga bincike don rage su. Kalmomin binciken nasa daga sanarwar gurbin yake tsamo su.

A ɗauka an tallata gurbin akanta da Turanci, jami'in ya rubuta:

```
"accounts payable" AND Excel AND (SAP OR Oracle)
```

Ma'anarsa, takarda ba za ta fito ba sai ta ƙunshi jimlar farko daidai yadda take, ta ƙunshi Excel, da ɗaya daga cikin manhajoji biyun ƙarshe. Wata mai nema ta shekara 6 tana wannan aikin na biyan masu kawo wa kamfani kaya, amma ta rubuta `paid supplier invoices` da `spreadsheets`, ta kuma ambaci SAP. Sharaɗi ɗaya cikin uku ta cika, don haka ba ta fito ba. Ba wanda ya ƙi ta, takardarta na nan a rumbun, ba a dai buɗe ta ba. Gyaran layi ɗaya ne:

```
Managed accounts payable in SAP; reconciled supplier accounts in Excel
```

Gaskiyar aikin ba ta canja ba, an dai kira shi da sunan da masu gurbin suka kira shi. Haka ake yi da taƙaitattun sunaye: a rubuta cikakken suna da gajerensa sau ɗaya, tunda ba a san wanne jami'in zai buga ba. Idan muƙamin da mutum ya riƙe suna ne na cikin gida da ba kowa ya sani ba, sai ya ajiye shi yadda yake ya ƙara sanannen sunan aikin a gefensa.

Wasu manhajojin kan ƙara da ba kowace takarda maki ko daraja bisa kusancinta da sanarwar, kuma sababbinsu na iya gane kalmomi masu ma'ana ɗaya. Sai dai mai nema ba ya ganin irin wadda ke gabansa, shi ya sa bin lafazin sanarwar ya fi zama abin dogaro, musamman sharuɗɗan da aka ce dole ne da kalmomin da aka maimaita.

Dabarar tana da iyaka. Cusa kalmomi da farin rubutu don a ɓoye su ba ta ɓoye komai, domin rubutu zalla ba shi da launi, jami'in zai gan su tsirara. Sa ƙwarewar da mutum ba shi da ita kuwa na iya fito da shi a bincike, amma tambayar farko a ganawa kan tona asirinsa.