Yadda za a hana ɗan katun ɗin talla canza kama

"Ina sayar da kunun aya da zoɓo a Unguwar Rimi. Na sa Midjourney ta zana min ɗan kada mai hula da riga don tallan kayana. Na farko ya yi kyau, amma da na ce ya riƙe gora sai fuskar ta canza, hular ma ta koma rawani. Ina matsalar take?"

Hajiya, Midjourney manhaja ce mai zana hoto daga umarnin da aka rubuta mata, kuma ba ta tuna hoton da ta yi miki jiya. Duk sanda kika ba ta umarni, sabon zane take farawa, kuma abin da ba ki faɗa ba sai ta cike gurbinsa da son ranta. Don haka ki raba umarnin gida biyu. Kashi na farko siffar kadan ce, ki rubuta ta sau ɗaya ki ajiye, ki riƙa kwafo ta ba tare da taɓa ko kalma ɗaya ba. Kashi na biyu, wato abin da yake yi, shi kaɗai za ki riƙa sauyawa.

Amma rubutu kaɗai ba ya riƙe fuska, sai an haɗa da hoto. Ki zaɓi guda ɗaya, yana tsaye ya fuskanto, gaba ɗayansa daga hula har ƙafa, filin da ke bayansa fari fat. Shi ne uwar hotuna. Ga yadda umarnin zai kasance, inda aka sa URL nan adireshin hoton zai shiga:

```
cartoon baby crocodile, 2.5 heads tall, round black eyes, two small teeth, short tail, plain red fez, white kaftan, flat colors, holding a bottle --cref URL --cw 100 --v 6.1
```

`--cw 100` yana ɗauko fuska da tufafi duka. Idan kika sauke shi zuwa `--cw 0`, fuskar kawai zai kama, abin da ya dace ke nan ranar da kike son sa masa kayan Sallah. A `--v 7` kuwa `--oref` ake sawa a madadin `--cref`, kuma `--cw` ba ya aiki da shi.

Kin ga na ba shi jar dara maimakon zanna bukar. Da gangan ne. Aikin hular saƙa ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu, kuma kalmar `cap` kaɗai hana-salla take yawan kawowa.

"Fuskar ta zauna, amma wani lokaci sai ya fito dogo siriri."

Masu zane da kai suke auna jiki. Babban mutum tsawonsa ya kai kansa bakwai da rabi, ɗan katun na talla kuwa biyu zuwa uku, shi ya sa yake da ban sha'awa. Manhajar ba ta da tef, adadin da kika rubuta shawara kawai take ɗaukar sa, musamman idan kadan yana gudu ko zaune. Sai ki auna da kanki. Ki jera uwar hoton da sabon a Canva, ki ƙara ko ki rage sabon har kawunan su zo daidai, sannan ki dubi inda ƙafafu suka tsaya. Idan na asali biyu da rabi ne, sabon ya kai uku da rabi, ki watsar da shi komai kyansa. Ki ƙirga haƙora da yatsu ma, nan ne ɓarna ta fi ɓuya.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne ɗaukar hoto na biyu a yi na uku da shi, na uku a yi na huɗu. Kowanne ya kauce kaɗan, kafin na goma hancin ya yi tsawo, koren ya koma ruwan toka, kamar takardar da aka yi ta buga kwafi daga kwafi. Kullum ki koma ga uwar.

"An ce in riƙe lambar `--seed` ɗaya."

Ba ta da wani tasiri a nan. Tana ba da hoto mai kama da na baya ne idan umarnin bai canza ba, da kin sauya tsayuwa an tashi daga wurin.

"Sunan shagona a ƙirjin rigar fa?"

Ki bar rigar fara, ki ɗora sunan daga baya da hannu. Haruffa kan karkace, masu lanƙwasa irin ɓ na zoɓo kuwa sun fi shan wahala. Haka duk abin da ke gefe ɗaya, kamar aljihu a hagu, yakan tsallaka dama idan kadan ya juya, gara ki cire shi tun farko. Idan kin tara tsayuwa shida ko takwas da suka ci jarabawar awo, ki kai wa mai zane ya bi su da layi a Illustrator ko CorelDRAW, ya tsayar da lambar kore da ja. Da wannan fayil ɗin za a buga miki takardar jikin gora da babban allon shago, launi iri ɗaya, ba tare da hoton ya farfashe ba.